Yadda ake shan antibayotik har ya ƙare, da abin yi idan ya fara wahalar da kai a tsakiya

Ranar wata Laraba da misalin ƙarfe 9 na safe, wata Hajiya mai sayar da kabeji da karas a kasuwar Farin Gada ta shigo shagon maganin da nake aiki a nan Jos, ta ajiye wata baƙar leda a kan kanta. A ciki akwai kafso na amoksisilin da ƙwayoyin metronidazol, wanda kowa ya fi sani da Filajil. Duka biyun antibayotik ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya. Likitan haƙori ne ya rubuta mata su ranar Litinin, bayan ya tsaga wani ƙurji da ya yi mugunya a gindin turmin haƙorinta na ƙasa.

"Ɗan nan, karɓi kayanku," in ji ta. "Haƙorin ya daina, kumburin ya saɓe. Yanzu maganin ne ciwon. Bakina kamar na tsotsi tsohon kwabo, zuciyata tana tashi, tun jiya sau uku ina zagayawa. Yau ko na asuba ban sha ba."

Na ce, "Sannu Hajiya, zauna tukuna mu ƙirga abin da ya rage."

Irin wannan maganar nake ji kusan kowane mako, kuma kusan kullum a rana ta uku. A ranar ne abubuwa biyu suke haɗuwa: ciwon da ya kai mutum asibiti ya lafa, wahalar maganin kuma ta fito fili. Wasu sai su ajiye maganin shiru ba su gaya wa kowa ba. Wasu kuma, da yake an ce musu dole a shanye, sai su cije su ci gaba ko da jikinsu yana nuna alamar da ya kamata a ce suna asibiti. Duka biyun na ga inda suka kai mutane. Abin da zan bi da kai a nan shi ne yadda za ka shirya shan maganin tun daga kan kanta, da yadda za ka bambance wahalar da ake daurewa da wadda ake barin komai a nufi asibiti. Zan riƙa komawa kan ledar Hajiya, don lissafin ya fi fitowa a kanta.

Mataki na farko: ka gama lissafi kafin ka bar kanta

An rubuta wa Hajiya amoksisilin miligiram 500 sau uku a rana na kwana 5, da Filajil miligiram 400 sau uku a rana na kwana 5. Sau uku a kwana biyar, sha 15 ke nan. Kafso 15 na amoksisilin. Filajil kuwa yana zuwa iri biyu, akwai mai miligiram 400, akwai mai 200. Nata mai 200 ne, don haka biyu-biyu za ta riƙa sha, ƙwaya 30 gaba ɗaya. Nan mutane da yawa suke tuntuɓe. An ce "ɗaya sau uku" a asibiti, a kemis aka ba da mai 200, mutum ya yi kwana biyar yana shan rabin abin da aka rubuta masa bai sani ba. Ka duba lambar da ke jikin katin maganin, ka gwada ta da wadda ke takardar likita, a gaban mai ba ka maganin.

Sannan ka sayi cikakken adadin a lokaci guda. Na san halin da ake ciki, na san "a ba ni na kwana biyu, in na samu kuɗi zan dawo". Wanda ya faɗi haka da wuya ya dawo, ba don ƙarya ya yi ba, sai don a rana ta uku ya ji sauƙi, kuɗin kuma ga cefane yana jiransa. In kuɗin bai kai ba, ka faɗa a fili. Sau da yawa akwai irin maganin na wani kamfani mai rajistar NAFDAC da ya fi araha, sinadarin ɗaya ne. Gara cikakken mai araha da rabin mai tsada.

Akwai abin da kai ma za ka faɗa kafin a miƙa maka leda, ko ba a tambaye ka ba. In wani magani ya taɓa sa ka borin jini, ko kumburin fuska, ko ƙuraje, ka faɗi sunansa. In kina da juna biyu ko kina shayarwa, ki faɗa. In kana da ciwon ƙoda ko na hanta, ko kana shan wani magani kullum, musamman na tsinka jini irin wafarin, ka faɗa, domin Filajil yana ƙara masa ƙarfi har ya jawo zubar jini. Ka kuma tambayi abu ɗaya: da abinci ake shan wannan ko kafin abinci? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowane magani. Filajil da abinci ko bayan abinci. Amoksisilin bai damu ba. Amfikulos ya fi shiga jiki in ciki ba kowa, wato kamar awa ɗaya kafin cin abinci ko awa biyu bayansa.

Mataki na biyu: ka ɗaure shi da agogo

"Sau uku a rana" ba ya nufin karin kumallo, abincin rana da tuwon dare. Yana nufin kowace awa 8. Maganin yana shiga jini, ya yi aiki, ƙoda ta fitar da shi cikin 'yan sa'o'i. In ka sha ƙarfe 9 na safe, da 2 na rana, da 7 na dare, ka bar awa 14 a tsakanin na dare da na safe, kuma cikin mafi yawan wannan lokacin maganin da ke jininka bai kai ya hana ƙwayoyin cutar hayayyafa ba.

Abin da nake gaya wa mutane shi ne ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Ga mai salla wannan ya zo da sauƙi: bayan an dawo daga asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya. Mai sau biyu a rana kuma kowace awa 12 ne, misali 7 na safe da 7 na dare. Ba sai ka bi shi da minti ba, rabin awa gaba ko baya ba komai. Ka sa ƙararrawa a waya. Ka samu takarda ka ja layi goma sha biyar, duk wanda ka sha ka soke ɗaya, domin a rana ta huɗu ba kowa ke tuna ko ya sha na rana ba.

In ka manta, ka sha da zarar ka tuna. In kuwa lokacin na gaba ya kusa, ka bar wanda ya wuce, ka sha na gaban a kan lokacinsa. Kada ka haɗa biyu wai ramuwa. Hakan ba ya ƙara kashe cuta, tashin zuciya da gudawa yake ƙarawa. In ka yi amai bayan ka sha, ka lura da lokaci. Aman da ya zo nan take, cikin kwata na awa ko makamancin haka, musamman in ka ga ƙwayar a ciki, yana nufin maganin bai shiga ba, akan maimaita bayan cikin ya kwanta. In an yi awa ɗaya, ya riga ya wuce, kada ka maimaita. Abin da ya faɗa tsakani, ka kira wanda ya ba ka maganin.

Ga yara masu shan na ruwa, a yi amfani da ɗan murfin awo ko sirinjin da ya zo da kwalbar. Cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, wani bai kai mililita 5 ba, wani ya wuce. A haɗa garin da tafasasshen ruwan da ya huce, a tsaya daidai layin da ke jikin kwalba, a girgiza kafin kowane sha. Wasu, kamar Ogumentin na ruwa, firji suke so bayan an haɗa, kuma ba sa wuce mako guda ko abin da aka rubuta a kwali. In wuta ba ta zama a unguwarku, ki faɗa tun a kanta, don a san wanda za a ba ki. Sanyin Jos ba firji ba ne.

Mai azumi da aka rubuta wa sau uku kada ya matse su tsakanin buɗa-baki da sahur. Ya gaya wa likita. Wani lokaci akwai madadin da ake sha sau biyu ko sau ɗaya, wani lokaci kuma rashin lafiyar ta kai a ajiye azumin a rama.

Abin da ya sa sauƙin rana ta uku ba warkewa ba ne

Ciwo da zazzaɓi da kumburi martanin jiki ne ga yawan ƙwayoyin cuta. Da magani ya rage yawansu, martanin ya sauka, sai ka ji ka warware. Amma raguwa daban, ƙarewa daban. A wajen Hajiya ma akwai ƙarin dalili biyu da suka sa ta ji daɗi da wuri: an fitar da mugunyar da ke matse dasashin, kuma tana shan maganin kashe zafi. Ba mamaki ciwo ya tafi alhali ragowar cutar tana nan a gindin haƙori. In aka tsaya a nan, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Ƙurjin haƙorin ƙasa in ya dawo yana iya bazuwa ƙarƙashin haɓa da wuya, har ya kai ga toshe hanyar numfashi.

Akwai cututtukan da tsawon kwanakin ma ba don jin sauƙi aka sa shi ba. Yaro mai ciwon maƙogwaro na bakteriya akan ba shi fenisilin na kwana 10, ko da ya warware a rana ta uku, domin a kare shi daga zazzaɓin da ke biyo baya ya lalata ƙofofin zuciya. Maganin tarin fuka yawanci wata 6 ne, kuma wanda ya yanke shi a wata na biyu don tari ya tsaya yana cikin haɗarin ya dawo da irin tarin da magungunan farko ba sa ci. Taifot ma an san ta da dawowa in aka datse magani.

Sai batun bijirewa, wato ƙwayar cuta ta daina jin magani. Ƙwayar cutar da ta haɗu da magani kaɗan-kaɗan, wanda bai kai ya kashe ta ba, ita ce ke samun damar tsira ta yaɗu. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun a 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel, cewa shan abin da bai kai ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum kusan miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da magani ya daina ci, kuma yammacin Afirka ne aka fi jin jiki in aka auna da yawan jama'a.

Amma gaskiya ɗaya ce, sai an faɗe ta duka. Yawan kwanaki ba shi ne inganci ba. Likitoci a yanzu suna rage kwanakin magani a cututtuka da dama, domin bincike ya nuna gajeren ya wadatar, kuma duk ranar da aka ƙara ba bisa buƙata ba tana ƙara illa da bijirewa. Saboda haka in likita ya ce kwana 3, kada ka ga kamar ya yi maka rowa ka je ka ƙaro. In ya duba ka a rana ta huɗu ya ce ka tsaya, ka tsaya. Ka'idar ita ce wanda ya duba ka shi ke yanke tsawon kwanakin, ba jin daɗin jikinka ba, ba kuma maƙwabci ba.

Mataki na uku: in wahala ta zo, ka fara tantance wace iri ce

Nan ne zuciyar maganar. Na yi wa Hajiya tambayoyi a jere kafin na ce mata komai. Akwai ƙuraje ko ƙaiƙayi a jiki? Leɓe ko fuska ko harshe sun kumbura? Numfashi lafiya? Bayan gidan ruwa ne tsululu ko laushi kawai ya yi, sau nawa, akwai jini ko majina? Akwai zazzaɓi ko murɗar ciki mai tsanani? Na kuma roƙe ta ta matso bakin ƙofa inda haske yake, na duba farin idonta da damtsenta. Duk amsoshin suka zo lafiya. Bayan gida ya yi laushi sau uku, ba jini, ba zazzaɓi, ido fari tas.

Wahalar magani kashi uku ce, ta Hajiya kuma ita ce kashi na farko, wadda ake gyara wa zama a ci gaba da magani. Ɗacin baki mai ɗanɗanon ƙarfe halin Filajil ne, yana tafiya in an gama. Fitsari ya yi duhu kaɗan shi ma yana faruwa da shi. Tashin zuciya mara amai, ɗan ciwon kai, kumburin ciki, laushin bayan gida sau biyu ko uku a rana, duk suna cikin nan. Gudawar tana zuwa ne domin antibayotik bai san baƙo da ɗan gida ba, yana kashe har da bakteriya masu amfani da ke hanji.

Da na bincika, Hajiya tana shan Filajil na asuba da ruwa kawai, ta haɗa da ibufurofen, maganin kashe zafin da take sha, sannan ta kama hanyar kasuwa, ba za ta ci komai ba sai wajen ƙarfe 11. Ko lafiyayyen ciki sai ya yi ƙorafi. Gyaran ba wuya: koko ko shayi da burodi kafin na safe, abinci sosai kafin na rana, ko ɗan ragowar tuwo kafin na dare. A haɗiye ƙwayar da cikakken kofin ruwa, kada a bari ta narke a baki. Tunda zafin haƙorin ya tafi, ibufurofen ya gama aikinsa. Don gudawar kuma, ruwan gishiri da sukari na leda, a kaɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mai shan Filajil kuma ya nisanci giya kowace iri, har da burkutu, har kwana 2 bayan ya gama. Haɗuwarsu tana iya kawo amai mai tsanani, zafin fuska da bugun zuciya. Na ambaci wannan har ga wanda bai taɓa kusantar giya ba, saboda wasu jiƙe-jiƙen kwalba masu ɗaci da ake sayarwa a tasha da barasa aka jiƙa su.

Mata da yawa suna samun farin ruwa mai kauri da ƙaiƙayi a gaba ana tsakiyar magani ko bayan an gama, jarirai kuma farin abu a harshe. Ba sabon ciwon sanyi ba ne da ke buƙatar ƙarin antibayotik, ƙari ma ƙara shi yake yi. Naman gwari ne da ya samu fili bayan an kashe masu tare shi. Maganinsa daban ne kuma mai sauƙi, a faɗa wa likita ko mai famasi ba tare da jin kunya ba, mai juna biyu kuma kada ta saya da kanta.

Kashi na biyu shi ne wanda za ka dakata, ka nemi likita a ranar, kafin sha na gaba. Ƙuraje kowane iri suna nan. Amoksisilin yakan fitar da ƙananan ƙuraje bayan 'yan kwanaki da farawa, wasu ba su da haɗari, amma ba kai za ka tantance ba. A baƙar fata ba lallai su yi ja ba, don haka kada ka jira ganin ja. Ka fita haske, ka shafa ƙirji da baya da cinya, za ka ji su a hannu. Ka ɗauki hotonsu da waya, domin wani lokaci kafin ka isa asibiti sun canja. Amai da ke dawo da magani sau biyu a jere shi ma na nan, domin maganin da bai zauna ba ba ya aiki, wataƙila sai an koma allura. Haka farin ido ya zama rawaya kamar shawara, da fitsari kamar shayi, wanda ke nuna hanta, kuma da Ogumentin yana iya fitowa har bayan an gama da makonni.

Gudawa tana tsallakowa wannan kashin in ta zama ruwa tsululu sau da yawa a rana, ko ta zo da jini, zazzaɓi ko murɗa mai tsanani. Akwai wata bakteriya da ke mamaye hanji in antibayotik ya share sauran, tana fitar da dafi, ta fi kama tsofaffi da waɗanda suka kwanta asibiti, kuma tana iya tasowa makonni bayan an gama magani. A irin wannan kada a sha maganin tsayar da gudawa irin lofaramaid, domin yana kulle dafin a ciki. Ruwan gishiri da sukari, sai asibiti.

Wasu magungunan suna da tasu alamar. Mai shan sifuro, wanda ake yawan bayarwa don taifot da ciwon mafitsara, in ya ji ciwo ko kumburi a agara, bayan dunduniya, ya tsaya nan take, ya huta da ƙafar, ya ga likita, domin jijiyar tana iya tsinkewa. Sifuro kuma ba ya shiri da madara, kindirmo, maganin ƙarin jini da farin ruwan maganin olsa, suna riƙe shi a hanji ya kasa shiga jini. Wanda ya kora shi da fura da nono kamar bai sha cikakke ba ne. A sha shi awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu. Doksisaikilin kuwa da ruwa mai yawa ake sha, a zaune ko a tsaye, kada a kwanta sai bayan rabin awa, in ba haka ba yana maƙalewa ya ƙone maƙoshi.

Kashi na uku ba a jira, ba a kira, ba a neman shawarar kowa. Leɓe, harshe, fuska ko maƙogwaro su kumbura, numfashi ya yi wuya ko ya riƙa fito, murya ta shaƙe, borin jini ya bazu a jiki cikin mintuna, jiri kamar za a faɗi. Yawanci yana zuwa cikin mintuna zuwa awa ɗaya bayan sha, kuma yana iya samun wanda ya taɓa shan maganin a baya lafiya lau. Maganinsa allurar adirenalin ce a cinya. Firiton ba ya tsayar da shi, manja da madara ba sa yi. A sa mutum a mota ko Keke a nufi asibiti mafi kusa, ba sai wanda aka saba zuwa ba. In jiri yake ji a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi a zaune, kada a sa shi tafiya da ƙafa. A tafi da kwalin maganin.

Akwai haɗari na biyu a wannan kashin da nake so kowace uwa ta sani, domin yana shigowa a hankali kamar maleriya. Zazzaɓi da ciwon jiki, ido ya yi ja yana zafi, baki da leɓe su yi gyambo, fata ta riƙa zafi in an taɓa, sannan ta yi bororo ta fara saluɓewa kamar ƙuna. Seftirin da sauran dangin salfa sun fi kawo shi, yawanci daga 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni da farawa. Abin da ke sa ya yi muni shi ne a ɗauka ƙyanda ce ko zafin ciwo, a ci gaba da ba da maganin da ya jawo shi. Gyambon baki da jan ido ga mai shan sabon magani, a tsayar da maganin, a tafi babban asibiti a ranar. A nan Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko Asibitin Ƙwararru na Filato.

Mataki na huɗu: tsayawa rabin aiki ne

Ko an tsayar da magani bisa dalili mai kyau, cutar da aka ba da shi dominta tana nan. Dole a koma a samu madadinsa. Kuma kada ka zaɓi madadin da kanka. Na taɓa ganin matashin da amoksisilin ya fitar wa borin jini, ya je ya sayo Amfikulos a madadinsa, bai san gida ɗaya suke ba. Amoksisilin, amfisilin, Amfikulos da Ogumentin duk dangin fenisilin ne, wanda ɗaya ya ƙi, sauran ma haɗari ne gare shi. Ka sa a rubuta sunan maganin da abin da ya yi maka a katinka na asibiti, kai ma ka rubuta a waya, ka gaya wa mutanen gida. Ma'aikacin lafiya kuma yana iya kai rahoton illar ga NAFDAC, akwai takardar da ake cikewa don haka.

Amma ka faɗi abin da ya faru daidai. Tashin zuciya da laushin ciki ba su ne "jinina bai haɗu da fenisilin ba". Wanda aka yi wa wannan tambarin bisa kuskure, duk ranar da ya kwanta ciwo sai a kauce wa magani mai sauƙi da inganci, a ba shi mai tsada da ya fi illa.

Ka kuma lura da ɗaya gefen. In an yi kwana 2 zuwa 3 ana shan magani daidai amma zazzaɓi bai sauka ba, ko kumburi yana ƙaruwa, kada ka jira ka shanye tukuna. Ka koma. Wataƙila ƙwayar cutar ba ta jin wannan maganin, ko akwai mugunyar da sai an fitar, ko tun farko ba bakteriya ba ce.

Muka ƙirga ledar Hajiya. Ta fara Litinin ƙarfe 2 na rana, ta sha biyu a ranar, uku ranar Talata, biyar ke nan. Saura kafso 10 da Filajil 20, lissafi ya yi daidai. Na asubar Laraba ya makara da awa uku, na rana kuma da sauran awa biyar, don haka ba a bar shi ba. Na aika aka sayo mata koko da ƙosai, ta ci, ta sha a gabana. Na ce ta ɗan ja na rana zuwa ƙarfe 3, na dare ƙarfe 10, gobe ta koma kan 6, 2, 10, na ƙarshe ya faɗo Asabar da safe. Na kira likitan da lambarsa ke kan takardar na gaya masa abin da ta zo da shi, ya yarda a ci gaba a haka, ya ce in gudawar ta ƙaru ko ta ga jini ta zo masa a ranar.

Ta ɗaure ledar a bakin mayafi, ta ce, "To in na shanye shi ke nan, ba sai an cire haƙorin ba ko?"

Na ce, "A'a Hajiya, maganin ya kashe wutar da ta bazu ne, ramin da ta taso yana cikin haƙorin. Ranar da ya ba ki, ki je."

Ta biyo ta shagon ranar Litinin ta gaba, da auduga a kunci, ta nuna mini katunan maganin duka fanko. Ɗacin bakin ya tafi tun Lahadi, cikin kuma ya daidaita. A cikin jakarta na hango wani tsohon kati na kafso ja da yalo, saura uku, wanda ta ce tana ajiye da shi ne saboda jikokinta in cikinsu ya ɓaci. Tetirasaikilin ne, ba a ba yara ƙanana shi saboda yana ɓata musu haƙora, kuma kwanan da ke jikinsa ya wuce tun bara. Na roƙe ta ta bar mini shi, ta bari.